Sau biyar yana gyara min rubutun talla, har yanzu ba muryata ba ce

Maman_Iklima_Garwa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina sayar da turaren wuta da humra a nan Garwa, kayan daga Njamena nake sarowa. Ɗan yayata ne yake rubuta min 'yan kalaman da ake sawa ƙarƙashin hoto a Facebook da WhatsApp, don ya fi ni saurin hannu a waya. Sabon turaren sandal ya zo min, na ce ya rubuta. Na farko ya cika shi da hoton wuta da zukata, da "ku garzayo, ku garzayo". Na ce ya yi hayaniya. Na biyu ya zo kamar sanarwar ta'aziyya. Na ce ya sa masa ɗan armashi, sai hayaniyar ta dawo. Na ce ya rage tsawo, sai ya cire farashin. Yanzu muna kan na biyar, yaron ya fara jin nauyi, ni ma na san a bakina matsalar take. Na san abin da nake so idan na gan shi, amma na kasa faɗa masa. Yaya ake yi wa mai rubutu bayanin yanayin da ake so, da tsawo, da irin muryar?

Tela_Domayo: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kike yi wa yaron nan shi mata suke yi min kullum. Mace ta kawo leshi ta ce "ka yi min mai kyau". Mai kyau a wurin wa? Sai na ɗauko tef na auna, na tambaye ta ina za ta sa shi, biki ne ko gidan suna, sannan ta nuna min wani ɗinki da take so da wanda ba ta so. "Armashi" da "hayaniya" ba awo ba ne. Ki ba shi awo.

Baffa_Marubuci: Hajiya ki turo mana na biyun da na huɗun mu gani, kada mu yi ta magana a duhu.

Maman_Iklima_Garwa: Ga na biyu: "Muna farin cikin sanar da ɗaukacin abokan hulɗarmu masu daraja cewa an samu isowar sabon turaren wuta mai inganci. Duk mai buƙata yana iya tuntuɓar mu." Na huɗu kuma: "Ƙamshi sai wanda ya ji! Sandal ya sauka! Kada a ba ki labari!" da hoton wuta guda shida.

Baffa_Marubuci: To madalla. Ni aikina ke nan a Njamena, ina rubuta wa masu shaguna, don haka bari in yi magana a madadin yaron. Abubuwa uku kika cakuɗa masa a kalma ɗaya. Duba na biyun. Ba tsawonsa ne ya dame ki ba, kalma 26 ce kawai. Abin da ya dame ki shi ne mai maganar. "Muna farin cikin sanar da" bakin ofis ne, kuma "duk mai buƙata" ba ya kallon kowa a ido. Ke kuwa mace ce da take zaune da kasko a gabanta tana magana da wata mace. Da kika ce masa "sa armashi", shi ya ji cewa yanayin ne ya yi sanyi, sai ya ƙara wuta. Alhali murya ce ba daidai ba.

Murya ita ce amsar tambayoyi guda uku, kuma duk kina iya amsa su yanzu ba tare da wata kalmar boko ba. Wa yake magana, "ni" ko "mu"? Da wa ake magana, "ki" ko "ku"? Kuma da wane suna kike kiran mai sayen idan ta shigo gidanki, Hajiya, ko 'yar uwa, ko amarya? Idan kin ce masa "ni ce nake magana, da mace ɗaya, kuma Hajiyata nake ce mata", rabin gyaran ya ƙare.

Aunty_Zee237: Gaskiya ne. Ni "ku" nake amfani da shi saboda maza ma suna saye wa matansu. Da na koma "ki" wani ya rubuto min yana tambaya ko ba a sayar wa maza ne.

Baffa_Marubuci: @Aunty_Zee237 shi ya sa mai kaya ce za ta yanke wannan, ba mai rubutu ba. Ita ta san wanda yake turo mata kuɗi.

Sadiq_Kuseri: Hajiya matsalar ba rubutu ba ce, hoto ne. Ki ɗauki hoton da safe kusa da taga, ki ɗora kwalbar kan farin ƙyalle, ki bar hayaƙin kasko ya fito a baya. Idan hoto ya yi kyau ba wanda yake karanta abin da ke ƙasa.

Maman_Iklima_Garwa: Na gode ɗana, hoton ya yi, ba shi nake kuka da shi ba. Kuma ana karantawa, don ranar da ya cire farashi mutum goma sha ɗaya suka tambaye ni "nawa ne", na wuni ina amsa abu ɗaya.

Malama_Ngaundere: Ni wata hanya ce ta fisshe ni. Ina sayar da zuma, ƙanwata take rubuta min. Na daina yi mata bayani gaba ɗaya. Sai in danna saƙon murya in yi magana kamar mai saye tana tsaye a gabana, daƙiƙa talatin ko arba'in, ba shiri. Ita kuma ta saurara ta tsamo kalmomin da na faɗa da bakina ta jera su. A nan ta gano cewa ni ban taɓa cewa "mai inganci" ba, "ba haɗi" nake cewa. Irin waɗannan 'yan kalmomin su ne muryar mutum. Hajiya ki gwada, ki yi masa tallar turaren da baki kamar yadda kike yi wa maƙwabciyarki.

Baffa_Marubuci: Malama ta faɗi abin da ya fi nawa. Ni ma duk sabon mai shago sai na roƙe shi saƙon murya kafin in rubuta harafi ɗaya. Abin da zan ƙara shi ne jerin kalmomin da ba a so. Mutane sun fi sanin abin da suke ƙi. Hajiya ta riga ta ba mu uku ba ta sani ba: ban da "garzayo", ban da "abokan hulɗa", ban da hoton wuta.

Dan_Gider: Ni dai a ganina an tsawaita zance. Doka ɗaya ce, gajere ya fi. Facebook yana yanke rubutu a harafi 125, duk abin da ya wuce nan asara ne. Kalma goma ta isa komai.

Injiniya_Yagwa: Ɗan'uwa ka haɗa abu biyu. Wajen harafi 125 ɗin nan na Instagram ne, a nan yake naɗe sauran rubutun, ko da yake yana karɓar har 2,200. Facebook kuwa inda yake sa "Voir plus" yana canzawa da irin wayar da girman harafin da mutum ya saita. Rubutun Statut na WhatsApp yana tsayawa a harafi 700, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Saboda haka kada Hajiya ta riƙe lamba ɗaya. Ta sa rubutun a wayarta, ta zaɓi "Moi uniquement" don kada kowa ya gani, ta duba inda aka yanke. Abin da ya rage a sama shi ne abin da yawancin mutane za su gani.

Kuma abin da ya wuce yankan ba asara ba ne. Mai niyyar saye tana dannawa. Abin da ba a so shi ne a ɓoye sunan kaya da gari a ƙasan yankan, a cika sama da gaisuwa.

Dan_Gider: Na karɓi gyara kan lambar. Amma ina nan kan cewa gajere ya fi.

Hajja_Kakatare: Ba kullum ba. Ni kayan fata nake sayarwa a Marwa, jakunkuna da takalma. Masu saye daga Yawunde da Duwala ba su taɓa kayan da hannu ba, sai na gaya musu fatar me ce, faɗin jakar nawa, ta wace mota zan aika, kwana nawa. Idan na gajarta sai tambayoyi su yi min yawa. Wanda yake cikin gari kuwa layi biyu ya ishe shi don zai zo ya gani. Tsawo yana bin nisan mai saye.

Baffa_Marubuci: Hajja ta kawo mu kan kuskuren zagaye na huɗu. "Rage tsawo" umarni ne mai haɗari, domin mai rubutu zai yanke abin da ya fi sauƙin yankewa, ba abin da ya fi rashin amfani ba. Farashi da unguwa su ne masu sauƙin cirewa, don ba su da daɗin karantawa. Idan za ki ce a rage, ki haɗa da abu biyu: adadi, da abin da ba a taɓawa. Misali: "Layi huɗu a wayata. Sunan turare, farashi biyu, unguwa, da yadda ake biya, waɗannan kada ka taɓa su. Sauran ka yanke yadda ka ga dama." Kin ga yanzu ba zai yi kuskure ba ko yana so.

Ni layi nake cewa ba kalma ba, don mai shago ba ya ƙirga kalma, amma yana ganin layi da idonsa. Sai dai a faɗi wayar wa, tunda layi huɗu a babbar waya yana iya zama shida a ƙarama.

Maman_Iklima_Garwa: Wallahi na gane murya da tsawo. Yanayin fa? Nan ne na fi rasa kalma. Ba na son kasuwa, ba na son makoki.

Gwaggo_Asabe: 'Yata, ki ba shi wuri da lokaci. Yaushe ake sa turaren nan? Bayan isha'i, an share ɗaki, yara sun kwanta, an zuba garwashi a kasko. Ki ce masa ya rubuta kamar yana cikin ɗakin nan a wannan lokacin. Wanda yake cikin irin wannan ɗaki ba ya ihu, kuma ba ya baƙin ciki. Mu da muka yi dillancin kayan ɗaki gida-gida tun babu waya, da haka muke sayarwa. Ba ka cewa kaya yana da kyau, sai ka sa mace ta ga kanta da shi.

Malama_Ngaundere: Gwaggo Allah ya ƙara girma. Wannan zan ɗauka ni ma.

Baffa_Marubuci: Abin da Gwaggo ta faɗa sai a mayar da shi abin da hannu zai iya yi, don yaro yana iya fahimtar ɗakin amma ya rasa yadda zai sa shi a rubutu. Yanayi a rubutu gajere abubuwa ƙalilan ne suke ɗauke da shi. Alamar motsin rai, wato tsayayyen layin nan mai ɗigo: uku a jere kasuwa ce, babu ko ɗaya natsuwa ce. Sai kalmomin umarni, "garzayo", "yi maza", "kada a ba ki labari", duk suna tura mutum ne. Sai 'yan hotunan nan na fuska da wuta. Sai tsawon jimla, domin gajeru a jere suna haki, mai ɗan tsawo tana tafiya a hankali. Idan Hajiya ta ce "ba alamar motsin rai, ba umarni sai a layin ƙarshe, hoto ɗaya tak ko babu", ta bayyana natsuwa ba tare da ta ambaci kalmar ba.

Wata dabara kuma, tunda kina da rubutu biyu da suka kauce ta gefe biyu, ki yi amfani da su a matsayin iyaka. Ki ce masa "tsakanin na biyu da na huɗu, amma ya fi kusa da na biyu". Ya san su duka, shi ya rubuta su. Wannan ya fi masa sauƙi a kan sabuwar kalma.

Ustaz_Lopere: Ina da jan hankali ɗaya, ko da ya ɗan fita daga tambayar. Wajen neman armashi ne ƙarya take shigowa talla. Zagaye na farko "yana da ƙamshi", na uku "yana kwana uku a ɗaki", na biyar "yana mako a jikin kaya". Ba wanda ya yi niyyar ƙarya, kowane gyara ne yake ɗan ƙara gishiri. Mai kaya ta duba kowace da'awa kafin a saki, idan ba ta gwada da kanta ba a cire. Kuma a bar sa ayoyi a ƙarƙashin hoton kayan sayarwa.

Maman_Iklima_Garwa: Na gode Malam. Nawa dai na gwada, idan aka turara labule da daddare ana jin sa har washegari da yamma. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Aunty_Zee237: Tambaya, da wane harshe? Nan Garwa rabin masu saye na Fulatanci suke ji, karatu kuma da Faransanci suka yi. Ni layi biyu Hausa, layi biyu Faransanci nake yi.

Injiniya_Yagwa: Wannan ma cikin murya yake, kuma yana cin tsawo. Idan harshe biyu ne, wanda aka sa a sama shi zai tsira daga "Voir plus". Farashi da lamba dai kowa yana karantawa, a sa su sau ɗaya a tsakiya.

Dan_Gider: Kuma a gaya wa yaron wace Hausa. Wasu yaran suna kwaikwayon Hausar rediyo ta Kano, su zo da kalmomin da ba ma faɗa a nan. Na biyun nan da Hajiya ta turo irinta ce.

Hajja_Kakatare: A nan kam na yarda da kai. Amma ni masu saye na har Mubi da Yola akwai, don haka ba na cusa kalmomin da sai ɗan Marwa zai gane.

Maman_Iklima_Garwa: Jama'a na dawo. Na yi masa saƙon murya kamar yadda Malama ta ce, sannan na rubuta masa wannan: "Ni ce nake magana, da mace ɗaya, Hajiyata. Kamar a ɗaki bayan isha'i. Ba alamar motsin rai, ba garzayo. Layi biyar a wayata. Kada ka taɓa suna, farashi, unguwa, da biya." Ga abin da ya turo:

"Hajiyata, turaren sandal ya sauka daga Njamena, sabon haɗi. Ki turara labule da daddare, har gobe da yamma yana nan. Ƙamshi ne mai sanyaya zuciya da kwantar da hankalin maigida. Ƙaramar kwalba sefa 3,000, babba 7,500. Ina Lopere, Garwa. Ana biya ta Orange Money ko MoMo."

Ya fi duk na baya nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da yake ɗan tsaya min, ban san mene ne ba.

Baffa_Marubuci: Yanzu ne wurin da ake ɓata aiki, don haka a yi a hankali. Kada ki ce masa "ya kusa, ka sake gyarawa". Idan kin faɗi haka zai sake rubuta duka, abin da ya yi daidai ma ya tafi. Ki karanta shi da ƙarfi jimla-jimla, ki ji inda harshenki ya yi tuntuɓe. Ina zargin jimla ta uku ce. A cikin saƙon muryarki kin ce "mai sanyaya zuciya"?

Maman_Iklima_Garwa: Ban faɗa ba. Kuma zancen maigida ba na sa shi a talla, ina jin kunya, surukaina suna ganin Statut ɗina.

Baffa_Marubuci: To kin samo shi. Saƙonki na gaba layi biyu ne: "Jimla ta ɗaya, ta biyu, da duk na farashi zuwa ƙasa sun zauna, kada ka taɓa ko waƙafi. Ta uku kaɗai za ka cire." Kowane zagaye gyara ɗaya, kuma a fara da faɗin abin da ya zauna. Na ɗaya, yaron zai san ƙoƙarinsa ya karɓu. Na biyu, idan aka canza abu uku lokaci guda rubutun ya lalace, ba wanda zai san wanne ne ya lalata shi. Ni da masu shaguna zagaye biyu muke yarjejeniya a cikin kuɗin aiki, kuma yana isa idan an bi haka.

Gwaggo_Asabe: Ni da za a bi tawa ba za a cire ta ukun a bar wurin fayau ba. Daga labule an faɗa kan kuɗi, ya yi gaggawa. A sa wata 'yar magana taki a wurin.

Dan_Gider: A cire kawai Gwaggo. Layi ya ragu, farashi ya matso sama.

Malama_Ngaundere: Hajiya me kika ce a saƙon muryar game da ƙamshin kansa? A nan za a samu abin sawa.

Maman_Iklima_Garwa: Na ce "ba ya hawa kai, ko mai ciwon kai ba ya damunta". Haka nake gaya wa kowa.

Ustaz_Lopere: Rabin farko ya yi. Na biyun kuwa alkawari ne kan lafiyar mutane, kuma jiki ya bambanta. Ni zan bar shi.

Injiniya_Yagwa: "Ba ya hawa kai" kalma huɗu ce, ba za ta tura farashin ƙasa sosai ba. Amma ki sake gwadawa da "Moi uniquement" ki ga ko 3,000 ɗin yana sama da yankan. Idan ya faɗa ƙasa, ki ɗauko farashin ki sa shi bayan jimlar farko, labulen ya biyo baya.

Gwaggo_Asabe: A'a, kada a raba "Hajiyata" da labulen. Kuɗi ya jira.

Maman_Iklima_Garwa: Na gwada. A wayata yankan ya faɗo daidai bayan "ƙaramar kwalba", kuɗin bai fito ba. A wayar yaron kuma har 7,500 ana gani. Zan saki na Gwaggo a Statut yau da daddare tunda can waɗanda suka san ni ne, na Injiniya kuma a Facebook gobe. Saura humra, baƙa da fara, ita ma tana jiran nata rubutun.

Aunty_Zee237: Humrar kam da "ku" za ki yi, angwaye ne suke sayen ta a kayan lefe.